Daga Bakin Rumfa: Ciwon da Ke Tafiya Idan An Zauna

Mu 'yan kasuwa muna da wani lissafi na kanmu: ciwon da bai kwantar da mutum ba, ba ciwo ba ne. Yau ina so mu duba wani ciwo da ke cin moriyar wannan lissafin, ta hanyar labarin wani maƙwabcina a kasuwar Kejetiya ta Kumasi. Mai sayar da atamfa ne, shekarunsa 57, ba zan faɗi sunansa ba, mu ce da shi Alhaji kawai.

Abin ya fara masa ne a kan matakala. Duk sanda ya ɗauki bandir biyu ko uku zai hau bene, kafin ya kai sama sai ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a tsakiyar ƙirji. Ba suka ba ce, nauyi ne da matsewa, wani lokaci ya gangara hannun hagu ko ya hau haɓa. Idan ya tsaya minti uku zuwa biyar, sai ya wuce sarai. Ya ce ƙwannafi ne, ya jiƙa kanwa. Da aka ce masa olsa ce, ya sayi maganin olsa.

Na lura ya daina zuwa masallacin da muke zuwa tare, ya koma na kusa. Na ce, "Alhaji, lafiya?" Ya ce, "Malam, girma ne kawai. In na huta ai ba komai." Haka aka yi wata bakwai. A da sai ya hau bene biyu yake jin nauyin, daga baya ɗaya ma ya isa. Ran nan bayan ya ci tuwo ya ƙoshi, ya taka zuwa tashar mota, sai da ya tsaya sau biyu a hanya. Babban ɗansa da ke biye da shi ya ce, "Baba, gobe ba za a buɗe shago ba sai mun ga likita."

A asibiti an gwada hawan jini, ya kai 170 bisa 100. An gwada suga da kitsen jini, aka liƙa masa wayoyi a ƙirji aka ɗauki bugun zuciya. Wannan gwajin bai nuna wani abu ba, har Alhaji ya fara murna. Likita ta ce a dakata, sau da yawa haka yake fitowa idan mutum yana kwance yana hutawa. Da aka maimaita yana tafiya a kan na'ura, matsalar ta bayyana. Ta ce sunan ciwon anjaina.

Ga yadda ta bayyana masa. Zuciya tsoka ce, tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini. Idan kitse ya taru a cikinsu hanya ta tsuke, jinin da ke wucewa yana isa lokacin hutu, amma ba ya isa idan an ɗauki kaya, ko an hau tudu, ko an ci an ƙoshi, ko rai ya ɓaci. Shi ya sa hutu ke kawar da shi, kuma wannan kawarwar ita ce babbar shaidarsa.

An ɗora shi a kan ƙaramin asfirin, da maganin rage kitse, da mai rage gudun zuciya. Aka ba shi wata ƙwaya, naitirogilisarin, da zai sa ƙarƙashin harshe yana zaune idan nauyin ya taso. In bai tafi ba bayan minti 5 ya ƙara ɗaya, in har yanzu yana nan bayan wasu minti 5, a nemi motar asibiti. A nan Gana lambar gaggawa 112 ce. Ta kuma ja masa kunne sosai: kada ya haɗa ƙwayar da maganin ƙarfin maza, har da irin na kwalba da ake yawo da shi a kasuwa, domin haɗin na iya faɗar da jini ƙasa warwas.

Hajiyoyi da samarin gida, ku ne masu gani. Idan maigida ya fara tsayawa a hanya yana dafe ƙirji, a kai shi a cikin satin nan. Idan kuwa nauyin ya zo masa yana zaune, ko ya tashe shi daga barci, ko ya wuce minti 15 da gumi da tashin zuciya, ba a jiran gari ya waye. Alhaji yana nan a shagonsa, yaro ke ɗaukar bandir, shi yana kan ciniki. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sa albarka a nema.