Fansho ba ruwa: abin da Najeriya ta gwada, da abin da ya rage wa ma'aikacin Ghana

Ɗauki malamin makaranta a Kumasi mai albashin tushe sidi 3,000 a wata. Bisa dokar fansho ta 2008, ana cire masa kashi 5.5 cikin ɗari, wato sidi 165, mai aikin kuma ya ƙara kashi 13, wato sidi 390. Jimilla sidi 555 ke nan. Daga ciki 405 na tafiya SSNIT, sauran 150 kuma su shiga mataki na biyu, inda amintattu masu lasisin hukumar NPRA ke juya su har ranar ritaya. Kan wannan 150 ɗin ne tambayar take, tambayar da ake yawan ji a zango bayan sallar Juma'a: ina ake zuba ta, kuma me take haifarwa?

Mafi yawanta bashi ake bai wa gwamnati. Asusun ya sayi takardun baitulmali da na lamuni, gwamnati ta mayar da uwar kuɗi da ƙari a kai. Wannan ƙarin shi ne ruwa, kuma shi ne ƙashin bayan ribar da ake rubuta wa malamin a takardarsa. Ba a tambaye shi ba, don shiga mataki na biyu dole ne ga mai albashi.

Najeriya ta sha wannan muhawara, kuma a 2021 hukumar fanshonta, PenCom, ta buɗe Asusu na Shida, wanda a takarda ake rubutawa Fund VI. Ma'aikaci ba ya barin kamfanin fanshonsa, gudummawarsa ba ta canzawa. Yakan nemi a mayar da ajiyarsa wannan asusun ne kawai, kuma akwai ɓangaren masu aiki da na 'yan ritaya. Ba a ce sai Musulmi ba, kowa na iya shiga.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne sukuk. A Satumbar 2017 gwamnatin Najeriya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, naira biliyan 100 na shekara bakwai, don gyaran hanyoyi 25. Ga yadda yake: masu zuba kuɗi ba rance suka bayar ba, rabo suka saya a cikin kadara, gwamnati kuma ta ɗauki hayar kadarar tana biyan kuɗin haya duk wata shida. A wancan karon hayar ta kai kashi 16.47 a shekara. Wa'adi ya cika, gwamnati ta saye kadarar, kowa ya karɓi jarinsa.

Nan ne wani zai ce, to ai duk kanwar ja ce, an dai sauya wa tuwo suna. Maganar ba ta rasa tushe ba. Ana tsayar da kuɗin hayar ne kusa da ruwan da gwamnati ke biya a kasuwa, in ba haka ba babu mai saye, kuma akwai malaman da suka soki alkawarin saye kadarar a kan farashinta na farko. Amma ga masu fiƙihu bambancin yana cikin ƙulla cinikin: kuɗi ne suka haifi kuɗi, ko kuwa akwai wani abu na zahiri da aka mallaka aka ba da haya? Hanya abu ce da ido ke gani. A ganina wannan bambanci na gaske ne, sai dai bambanci ne na halacci, ba na kariya ba, kuma zan dawo kansa.

Ɓangare na biyu hannun jari ne. Asusun da aka saba yana sayen hannun jarin kowane kamfani mai riba, banki ne ko kamfanin giya. Wanda ba ruwa yana tacewa sau biyu. Da farko a duba sana'ar: giya, caca, alade, bankin ruwa, duk a waje. Sannan a duba littafin kuɗi. A ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke Bahrain, bashin ruwan da ke kan kamfani kada ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kuma abin da yake samu ta hanyar da ba ta halatta ba kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigarsa. Wannan ɗan abin ma ba a ci. A ce kamfanin siminti ya biya asusun rabon riba sidi 100,000, alhali kashi 3 na kuɗin shigarsa ruwan ajiyar banki ne. Sai a ware sidi 3,000 a ba da sadaka, a raba wa mambobi 97,000. Shi ake kira tsarkakewa, kuma asusun da ba ya nuna adadinsa a rahoton shekara, da alamar tambaya a kansa.

Tacewar tana da tsada. Kasuwar hannun jari ta Akra ƙarama ce, bankuna kuma sun cika ta. Cire su, cire kamfanin giya, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Asusun da ya tara kuɗinsa a kamfanoni kaɗan, in ɗaya ya yi tuntuɓe kowa zai ji a jikinsa.

Ko a Najeriya kayan ba su wadata ba. Shi ya sa tsarin 2021 ya yarda cewa idan kamfanin fansho ya rasa inda zai zuba kuɗin ba ruwa, ya cike giɓin da kadarorin da aka saba, a riƙa rage su a hankali. Wato mai shiga Asusu na Shida a farkonsa bai shiga tsantsa ba. Wanda aka tallata masa irin wannan asusu, a ko'ina ne, ya tambayi kashi nawa ne ainihi ba ruwa a yau, kuma su wane ne malaman da ke dubawa suna sa hannu.

Yanzu maganar kariya. Ma'aikacin Ghana bai manta Disambar 2022 ba, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 kuma gwamnati ta nemi masu riƙe da takardun bashinta su karɓi sababbi masu ƙaramin ruwa da dogon wa'adi. Sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki aka tsame kuɗin fansho, daga baya a 2023 aka yi musu nasu tayin daban. Da sukuk ne a hannun asusun, da ba lallai ya tsira ba. Mai biyan hayar shi ne dai gwamnatin da aljihunta ya bushe, kuma haya tsayayya tana narkewa a gaban tsadar kaya kamar yadda ruwa tsayayye ke narkewa. Duk mai cewa asusun halal ba ya asara, talla yake yi.

To ina Ghana ta tsaya? Dokar bankuna ta 2016 ta ambaci banki ba ruwa, kuma a 2025 Babban Bankin Ghana ya tashi tsaye kan tsara masa ƙa'idoji. Amma lasisin banki ba shi ne asusun fansho ba. Amintaccen fansho na bukatar abin saye mai dogon wa'adi, kuma maƙwabta sun riga mu: Kodebuwa ta fitar da sukuk a 2015, Togo a 2016. Har sai Ma'aikatar Kuɗi ta fitar da nata a sidi, NPRA kuma ta ba shi gurbi a ƙa'idojin zuba jari, duk asusun da aka buɗe zai zama kwano ne babu tuwo.

Inda malaminmu ke da ta cewa shi ne mataki na uku, na ganin dama, wanda doka ta yafe wa haraji har kashi 16.5 na albashin tushe, wato sidi 495 a wata a lissafinsa. A nan shi ke zaɓen wanda zai riƙe masa kuɗi, kuma 'yan kasuwar Nima da direbobin Tamale ma ta wannan ƙofar suke shiga, a ƙungiyance ko ɗaiɗai. Ƙungiyar da ta zo da mambobi masu yawa tana iya zama da amintacce ta ce a nuna mata jerin inda kuɗin ke kwana kafin ta sa hannu. Sidi 150 ɗin mataki na biyu kuwa, sai ƙungiyarsa ta ƙwadago ta kai maganar teburin amintattu.