Lambar jadawali ba aikin mai buga takardu ba ne

Ɗalibi daga unguwar Hausawa ta New Bell da ke rubuta kundin digiri a Jami'ar Douala kan bar tsara kanun babi da lambobi sai daren ƙarshe, ya miƙa wa mai shagon buga takardu. Wannan ganganci ne, domin mai shago bai san wace jimla ke nuni ga wane jadawali ba.

A ɗauka malami ya ce babi na 3 ya koma na 2. Idan da hannu aka buga lambobi, «Tableau 3.1» zai zauna a babi na 2 da tsohuwar lambarsa, kuma masu jarrabawa ba sa rasa ganin irin wannan. Amma idan kowane kan babi yana ɗauke da salon «Titre 1» na Word, an haɗa shi da jerin lambobi, an sa taken jadawali ta «Insérer une légende», an kuma yi nuni gare shi ta «Renvoi», to Ctrl+A da F9 sun wadatar. Wanda ya ga «Tableau 0.1» ya sani salon ne ba a haɗa da lamba ba.