Ruwa ko Ƙasa: Ina Ya Kamata a Kafa Reshe?

Sharhinmu na yau a kan wata gardama ce da ba ta ƙarewa tsakanin masu sha'awar shuke-shuke a gida: in ka yanko reshe kana so ya yi saiwa, a kwalbar ruwa za ka tsoma shi, ko a ƙasa za ka kafa shi? Ni dai a ganina amsar tana jikin reshen. Mai taushi, mai yaɗo, ruwa na karɓarsa. Mai itace, wanda ya yi ɓawo, ƙasa ce wurinsa.

Dalilin kuwa iska ce. Gindin reshen da aka yanke rauni ne, kuma kafin ya warke ya fitar da saiwa sai yana numfashi. A ƙasa mai sako-sako iska na ratsawa ta tsakanin ƙwayoyin yashi. A ruwa kuwa iskar oksijin kaɗan ce: lita guda kan riƙe kimanin miligiram 9 in ruwan na da ɗan sanyi, in ya ɗumama ya kai digiri 30 sai ta ragu zuwa wajen 7 da rabi. Ga shi ruwan da ke zaune a kwalba ba ya saurin mayar da abin da aka zuƙe. Saboda haka tsere ake yi tsakanin saiwa da ruɓa, kuma reshen da ke saurin yin saiwa shi ne ke tsira.

Tsire-tsire masu yaɗo sun dace a nan, domin da shirinsu suke zuwa. Dubi igiyar dankalin Hausa, ko na'a-na'a, ko wannan tsiron ado mai ganye kamar zuciya, kore da ratsin rawaya, wanda ake rataye shi a baranda yana zubo da igiya. A kowace gaɓa, wato inda ganye ya fito, akwai tushen saiwa a kwance yana jiran danshi, a wasu ma kana ganin ɗan ƙullutunsa da ido. Ka yanki igiya mai gaɓa 3 ko 4, ka yanka ƙasa da gaɓa kaɗan, ka cire ganyen da zai nutse, ka tsoma gaɓa ɗaya ko biyu. Ka ajiye inda akwai haske amma rana ba ta duka. Dankali da na'a-na'a kan nuna farar saiwa cikin mako guda, na adon kan kai mako biyu zuwa uku. Ganye kaɗai da sandarsa, ba gaɓa, zai daɗe kore a kwalba amma ba zai zama tsiro ba.

Ruwan a canza shi duk bayan kwana 2 ko 3, a kuma wanke cikin kwalbar. Ba don reshen kawai ba. Akwai sauron da ke son ruwa mai tsabta a ƙananan mazubai, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi. In ruwa ya yi gurɓi, ko yana wari, ko gindin reshen ya yi yauƙi, ruɓa ta fara: a yanke wurin zuwa inda ke da lafiya a sake sabon ruwa.

Inda mutane da yawa ke asara shi ne wajen dasawa. Ganin saiwa na tsawo a kwalba abin sha'awa ne, sai a bar ta har ta nannaɗe. Alhali saiwar da ta tashi a ruwa mai gautsi ce, ba ta saba da neman danshi a ƙasa ba, kuma iya daɗewarta iya wahalar da za ta sha. Da ta kai tsawon santimita 3 zuwa 5 a fitar da ita. A zuba ƙasa a hankali kada a danna, a bar ta da danshi sosai a inuwa na mako ɗaya zuwa biyu, sannan a riƙa rage ruwa.

To mu koma kan masu itace, kuma a nan nake so mu daɗe. Manomanmu ba su taɓa jiƙa sandar rogo ko dashi ko aguwa a tulu suna jiran saiwa ba, kafawa suke yi. Haka lalle da shuwaka. Mu ɗauki bugenbiliya, furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga, ja ko shunayya ko fari. Tana iya ɗaukar mako 4 zuwa 8 kafin ta yi saiwa. A kwalba, sau da yawa kafin lokacin ɓawon gindin ya yi baƙi ya saɓule.

Ga yadda za a yi mata. Da sassafe, a zaɓi reshe mai kaurin fensir wanda ya fara ƙwari, ba ɗanyen toho ba, kuma ba mai fure ba. A yanka shi tsawon santimita 15 zuwa 20 da reza ko wuƙa mai kaifi da tsabta, domin dakusasshiya murje gindin take yi. A cire ganye duka, a bar biyu a sama, in manya ne a rage rabinsu, tun da reshen bai da saiwar da zai mayar da ruwan da ganye ke fitarwa. A lura da sama da ƙasa: reshen da aka kafa a kife ba ya kamawa, shi ya sa masu sana'ar ke yanka gindin a karkace don su gane shi.

Mazubi kuwa, ledar fiya wata ta isa, a huda gindinta wuri huɗu ko biyar. A cika da yashin kogi mai ɗan kauri, a gauraya da ƙasa mai laushi kaɗan ko buntun shinkafa da aka babbake. Kada a sa laka, kada a sa taki ɗanye. Laka na riƙe ruwa ta toshe iska, wato ka koma matsalar kwalba ke nan, taki kuma ƙona rauni yake yi ya jawo ruɓa. A huda rami da tsinke, a sa kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin reshen, a matse ƙasar a gefensa, a ba shi ruwa sau ɗaya har ya zubo ta ƙasa. A kifa farar leda a kai don ta riƙe laima, a ajiye a inuwar bishiya. Farar leda a rana tsaka dafa reshe take yi. Bayan nan ba a ƙara ruwa sai an tura yatsa an ji saman ya fara bushewa. A ɗora ledojin a kan bulo saboda gara.

Akwai abin da ke yaudarar mutane. Cikin mako biyu reshe kan yi toho, mai shi ya yi murna ya buɗe leda ya kai shi rana. Wannan tohon da abincin da ke ajiye a jikin reshen aka yi shi, saiwa ba ta fito ba tukuna. Alamar gaskiya ita ce tohon ya ci gaba da girma bayan wata guda, kuma in ka ɗan ja reshen a hankali ka ji ya riƙe. Kada a tumɓuke don dubawa. Lokacin dasawa ma a yanke ledar a sa ƙasar dunƙule, domin saiwar bugenbiliya ba ta jure taɓawa.

Aibin ƙasa shi ne ba ka ganin abin da ke faruwa, kuma ba duka ke kamawa ba, don haka in biyar kake so ka kafa goma. Lokaci mafi dacewa a ƙasar Hausa shi ne bayan damina ta zauna, wajen Yuni da Yuli. Hunturu na busar da reshe kafin ya yi saiwa, zafin bazara kuma na dafa shi.

Saboda haka, mai sauraro, kafin ka ɗauko kwalba, lanƙwasa reshen. In ya bi hannunka kuma yana da ruwa a jiki, tsoma shi, ka dasa da wuri. In ya ƙi lanƙwasuwa, nemo yashi da leda.