Shafin Da Ke Nauyi Da Dare Kawai

Shafin intanet da ke buɗewa lami lafiya da rana, ya koma jan ƙafa bayan magariba, yawanci ciwonsa ɗayan biyu ne: cunkoson layi ko gajiyar sabar shafin. A garuruwa kamar Ƙaraye da Rogo, inda akasarin jama'a suka dogara da datar waya, ƙarfen sabis guda na ɗaukar ɗimbin mutane da zarar an taso daga kasuwa da gona, don haka zargin layin bai zama ƙage ba. Sai dai bai dace a yanke masa hukunci ba tare da gwaji ba. A auna layin a fast.com da hantsi, a sake da ƙarfe takwas na dare, a wuri ɗaya da waya ɗaya. Idan gudun ya faɗo daga megabit 15 zuwa 1, misali, kuma kowane shafi ya yi nauyi, laifin layi ne. Idan kuwa gudun bai sauya ba, bidiyo na tafiya, shafin nan kaɗai ke jinkirin amsawa ko ya nuna 503 ko 504, ko da an canza sim zuwa na wani kamfani, to sabar ce ta kasa ɗaukar maziyarta. A nan sayen ƙarin data asarar kuɗi ce, gyaran yana hannun mai shafin.