Amodari: Makantar Da Ke Somawa Tun Ana Goye

Jama'a, a wannan wata za mu duba ciwon idon nan da ake kira amodari. Mu da ke aikin koyarwa a nan Garwa mun saba ganin yaro ya shigo aji da jan ido da kwantsa, bayan 'yan makonni ya washe, iyaye su ce ya warke. To, a wannan "ya warke" ɗin ne matsalar take ɓuya.

Wata ƙwayar cuta ce mai suna kilamidiya ke kawo shi, kuma a cikin fatar ido ta sama take zama. Idan ma'aikacin lafiya ya juya fatar, zai ga wasu ƙananan ƙuraje fari-fari kamar tsabar gero. Kamu ɗaya ba ya makanta kowa. Amma yaron da ke zaune a gidan da cutar ke yawo yakan kamu, ya warke, ya sake kamuwa, shekara da shekaru, kuma kowane kumburi yana barin ɗan tabo. Duk wanda ya taɓa ganin tabon ƙuna ya san yadda yake tamuƙe fata. Haka tabon nan yake jan bakin fatar ido ya lanƙwasa ciki, har gashin ido ya juya ya fuskanci ƙwayar ido.

Daga nan kowace ƙiftawa karta ce. Gashin yana goga fatar nan mai haske kamar gilashi da ke rufe baƙin ido, ya yi mata rauni, wasu ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, a ƙarshe hakiya ta rufe wurin. Yarinyar da ta soma kamuwa tana goye, sai ta kai shekara arba'in ko hamsin kafin hasken ya tafi. Mata sun fi maza shiga wannan hali, domin su ne kullum tare da ƙananan yara, suna ta sake kamuwa.

Alamar da za a kula da ita a wurin manya ita ce jin kamar yashi a ido, da hawaye, da gudun hasken rana. Da yawa daga iyayenmu mata sukan ajiye matsefata suna tsige gashin. Ana samun sauƙi, amma gashin yakan sake tsirowa, wanda ya karye kuwa guntunsa ya fi kaifi. Maganin sosai shi ne ƙaramin aiki a fatar idon: a yi allurar kashe zafi, a tsaga, a ɗinke yadda gashin zai koma waje, mutum ya tafi gida a ranar. Sai dai aikin ba ya goge hakiyar da ta riga ta zauna, shi ya sa ko gashi ɗaya ne ya soma taɓa ido, a tafi asibiti.

Ga yara kuwa, maganin kashe ƙwayar shi ne azitiromaisin, kuma gari duka ake ba wa, mai ciwo da mai lafiya, don kada wanda aka bari ya sake harbin sauran. An gwada wannan a ƙasarmu. A gundumar Kolofata, can kusa da iyakar Nijeriya, a 2008 wajen yaro 31 cikin 100 suna ɗauke da cutar. Aka bi jama'a ana ɗiga musu maganin a ido, safe da yamma, kwana uku. Bayan shekara ɗaya adadin ya sauko zuwa wajen 6, bayan zagaye na biyu ya koma wajen 3. A namu lardin na Arewa, binciken da aka yi a farkon shekarun 2010 ya nuna cutar ta fi ƙarfi a Poli da Collire da Rai Buba.

Amma magani ba ya tare hanyar da cutar ke bi. Tana fita ne cikin kwantsa da majina, ta bi yatsu, ko bakin zanen da uwa ta share wa yara uku fuska da shi, ko ƙafar ƙuda. Ƙudan da ke damun ido kuwa ya fi son yin ƙwai a kashin mutum da aka bari a fili, ba ya hayayyafa a cikin ramin masai. Ashe kenan haƙa masai da zuba kashin yara a ciki aikin kare ido ne.

Wanke fuska ma ba ya cin ruwa da yawa, ko a watan Maris da rijiyoyi ke ja baya. Buta ɗaya ta isa yara da dama, in ana tsiyaya wa kowa a hannunsa. Abin gudu shi ne kwano ɗaya da kowa zai tsoma hannu, da tsumma ɗaya na goge fuska. A bar fuskar ta bushe da kanta. Mu malamai da ke duba farce da wuyan riga a layin safe, sai mu riƙa duba ido da hanci, mu kuma tambayi ɗalibi halin ƙannensa da ke gida, domin a wurinsu cutar ta fi zama.

Allah Ya kare mana ganinmu. Sai wata mai zuwa.