Filin Kasuwa: Abin da kyandir ɗin farashi yake faɗi

A wannan sati za mu duba zanen nan mai ja da tsanwa wanda samari suke nuna wa iyayensu a cikin salula, suna cewa da shi ake gane inda farashin zinariya, ko na dalar Amurka, ko na hannun jari zai nufa. Sunansa kyandir na Japan. Daga ƴan kasuwar shinkafa na ƙasar Japan ya samo asali, kuma littafin da Steve Nison ya fitar a 1991 ne ya yaɗa shi cikin ƙasashen Turawa. Tun da mun ga ma'aikata suna zuba albashinsu a kansa, alhazai kuma suna ba ƴaƴansu jari saboda shi, ya kamata a san abin da yake faɗi da abin da ake ƙaga masa.

Kowane kyandir guda labarin wani lokaci ne da aka yanke: minti biyar, ko awa, ko yini, ko sati. Farashi huɗu kaɗai ke cikinsa: wanda aka buɗe kasuwa da shi, wanda aka rufe da shi, mafi tsada da aka taɓa, da mafi araha. Tsakanin buɗewa da rufewa ana zana gangar jiki mai kauri. Siraran layukan da suka fito sama da ƙasa su ne lagwani, suna nuna iyakar inda farashi ya leƙa kafin ya komo. Idan an rufe sama da inda aka buɗe, jikin yakan zama tsanwa ko fari. Idan an rufe ƙasa, ja ko baƙi. Amma a kula, launi al'ada ce kawai: a Sin da Japan sau da yawa ja shi ne hawa. Mai hankali yakan duba adadi kafin launi.

Mu ɗauki misali na ƙiyasi, da hannun jarin wani kamfani a kasuwar hannayen jari ta BRVM da ke Abidjan, wadda ta fara aiki a 1998, kuma Nijar tana cikinta. An buɗe da safe a kan sefa 5.000, wato jika biyar. A cikin yini farashi ya gangara har 4.700, ya taɓa 5.080 a sama, aka rufe a kan 5.060. Jikin kyandir ƙarami ne, na sefa 60 kacal, kuma tsanwa. Lagwanin sama sefa 20 ne. Na ƙasa kuwa sefa 300, ninki biyar na jikin.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar wake ta Maraɗi ya san wannan yini. Masu kaya sun ƙagu su rabu da shi, suna ta ragi, har farashi ya kai wani wuri inda masu kuɗi suka ga araha ta yi, suka shiga kwasa. Kafin a tashi sun cinye ragin duka, sun ɗora kaɗan. Dogon lagwanin ƙasa ke nan: farashin da aka gwada, kasuwa ta ƙi zama a kansa. Na sama in ya yi tsawo, labarin ya juya: masu saye sun yi ta ƙari har suka kai inda masu kaya suka fito da yawa suka danne su. Jiki kuwa shi ke nuna abin da aka riƙe har tashin kasuwa. Dogon jiki marar lagwani yana nufin ɓangare guda ya ja ragamar yinin. Jikin da ya kusa ɓacewa, wanda Japanawa suke kira doji, yana nufin an tashi inda aka fara, kome yawan kai da komowa.

Akwai maganar da ake yawan faɗi cewa kyandir mai tsanwa yana nuna masu saye sun fi masu sayarwa yawa. Ba haka ba ne. Ba a sayen buhu sai wani ya sayar da shi, don haka abin da aka saya daidai yake da abin da aka sayar. Bambancin yana wurin ƙaguwa: wa ya matsu har ya karɓi farashin ɗan'uwansa? In mai saye ne ya matsu, farashi ya hau. In mai kaya ne, ya sauka.

To, kyandir ɗinmu albishir ne? Ya danganta da inda ya tsaya. Idan ya zo bayan kwanaki ana faɗuwa, masana suna kiransa guduma, suna ɗaukarsa alamar cewa masu saye sun fara tare hanya. Idan kuwa wannan siffa ɗin ta zo bayan doguwar hauhawa, sunanta ratayayye, kuma gargaɗi ce, domin ta nuna masu kaya sun iya karya farashi da kashi 6 bisa 100 cikin yini guda a kasuwar da ake zaton tana da ƙarfi. Siffa ɗaya, fassara biyu. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a sana'ar ba su taɓa kuɗinsu sai sun ga kyandir na gobe. In an rufe sama da 5.080, zancen guduma ya sami mai mara masa baya. In an rufe ƙasa da 4.700, waɗanda suka kwasa jiya su ma sun shiga asara, zancen ya mutu.

Sannan kyandir ba ya faɗin yawan kayan da aka yi ciniki. Wannan babban abu ne a kasuwa irin ta Abidjan, inda wasu kamfanoni ba su samun ciniki mai yawa a yini. Mutum ɗaya da bukata ta kama, ya sayar da hannun jari goma a kan 4.700, ya isa ya zana wannan dogon lagwani, alhali babu wata kokowa da aka yi. Sai a duba sandunan da ke ƙarƙashin zanen, masu nuna yawan ciniki: lagwani mai hannun jari dubu ashirin a bayansa shaida ne, mai goma kuwa jita-jita ce. Haka nan ba ya faɗin wanda ya riga zuwa, 4.700 ko 5.080, sai an buɗe kyandirori na awa-awa ake ganin jerin.

Inda lagwani yake cin mutane shi ne wurin ciniki da bashi, irin wanda dillalan cikin salula suke tallatawa a kan zinariya da kuɗin ƙasashe. A ce malamin makaranta ya ajiye sefa 50.000, dillali ya ba shi damar riƙe kayan miliyan ɗaya, wato ninki ashirin. Ragin kashi 5 bisa 100 ya isa ya cinye ajiyarsa duka, kuma dillali ba ya jira ma a kai nan, zai rufe masa ciniki tun kafin haka. Da a ce ya saya a buɗewar yini irin na misalinmu, an kore shi a kan hanyar gangarawa, wajen 4.750 ko kafin nan. Da yamma zai buɗe salula ya tarar da kyandir tsanwa shar, farashi ya wuce inda ya saya da sefa 60, asusunsa kuwa wayam. Wanda ya saya da kuɗinsa na kansa, ba da bashi ba, wannan lagwanin bai rage masa kome ba, ya kwana da ribar kashi ɗaya da ɗoriya bisa 100.