Takalmi Ba Ya Numfashi: Kare Martabar Kakin Zuma

Akwai wata magana da masu sayar da kayan gyaran takalmi suka maimaita har ta zama kamar doka: wai kada a shafa wa takalmin fata kaki, domin yana toshe numfashin fata, gara a yi feshi. Maganar tana da daɗin ji, tana kuma sayar da gwangwani. Amma ta jawo injiniyoyi da masu safiyo da malaman gona da yawa suna yini da jiƙaƙƙiyar safa a tsakiyar damina, takalminsu mai tsada yana tsagewa kafin ya shekara biyu, saboda tsoron abin da ko da ya faru bai taka kara ya karya ba. Gaskiyar ita ce kaki yana rage ratsawar tururi ta cikin fata, sai dai ragin ƙarami ne idan aka gwada shi da gumin da ƙafa take fitarwa. Abin da ya kamata ya yanke hukunci tsakanin kaki da feshi shi ne irin fatar da kuma yadda aka gina takalmin.

Kalmar numfashi ita ce ta fara rikita lamarin. Jemammiyar fata ba ta shaƙar iska, ba ta fitarwa. Saƙa ce ta zaruruwa masu ƙananan kafofi a tsakaninsu, kuma abubuwa biyu take yi da gumi. Tana tsotse wani ɓangare ta riƙe shi kamar soso, ta sake shi bayan an tuɓe takalmin. Tana kuma barin wani ɓangare ya ratsa ta a matsayin tururi, daga ciki inda laima ta yi yawa zuwa waje inda iska ta fi bushewa. Wannan na biyun shi ne abin da ake cewa kaki yana kashewa, don haka ya kamata a auna girmansa.

Ma'aunin yana nan. Ƙa'idar takalman kariya na ma'aikata, EN ISO 20345, ta shar'anta cewa fatar saman takalmi ta bar aƙalla miligiram 0.8 na tururi ya ratsa kowace murabba'in santimita a cikin awa ɗaya. A ɗauka takalmin but mai rufe idon sawu yana da fata mai faɗin murabba'in santimita 700. Lissafin ya ba da miligiram 560, wato kaɗan ya ɗara rabin giram a awa. Ko da fatar ta ninka wannan sau biyar saboda kyawunta, abin da zai fita bai kai giram 3 a awa ba. Ita kuwa ƙafar mutumin da yake aiki cikin zafi tana iya zubar da giram 10 ko fiye a awa. A yinin aiki na awa 8, gumin ya kai giram 80, fata mai kyau ta fitar da kimanin 22. Idan kaki ya raba wannan biyu, asarar giram 11 ce, ƙasa da cikin babban cokali. Sauran gumin, wanda shi ne mafi yawa, tun farko ba ta jikin fatar yake fita ba. Safa da shafin ciki da shimfiɗar tafin ƙafa suke shanye shi, wani kuma yana fita ta bakin takalmi, domin kowane taku yana tura iska waje kamar zugazugin maƙeri.

Wannan lissafin ma ya yi wa masu feshi sassauci, domin ya ɗauka cewa fatar da ba a shafa wa kaki ba tana nan a bushe. A ranar da ake bukatar kariya ba haka abin yake ba. Fatar da ta sha ruwan sama ko raɓar ciyawa kafofinta sun cika da ruwa, tururi ba ya da hanyar fita, kuma danshin yana ratsowa ciki. Ga shi a watan Agusta iskar waje da kanta cike take da laima, bambancin da ke jan tururi waje ya ragu ƙwarai. Wanda ya guji kaki domin ya ceci giram 11 na tururi ya buɗe ƙofa ga ruwa mai ninkin haka sau da yawa. An gudu ba a tsira ba.

Asarar ba ta tsaya ga ƙafa ba. Majema suna sa wa fata mai a lokacin jima domin zaruruwanta su riƙa zamewa a kan juna idan an lanƙwasa ta. Duk lokacin da fata ta jiƙe sharkaf ta bushe, wani ɓangare na wannan man yana barin ta. Idan damina ta wanke shi, hunturu ya biyo da busasshiyar iska, sai tsaga ta bayyana daidai inda takalmi yake naɗewa a bayan yatsu. Feshi ba ya mayar da wannan mai. Shafi ne siriri na silikon ko na sinadaran dangin fulorin, wanda yake naɗe zaruruwan saman fata ya sa ruwa ya dunƙule ya gangare. Bai cika kafofi ba, shi ya sa bai rage tururi sosai ba, shi ya sa kuma yashi da ciyawa suke goge shi cikin 'yan makonni na aiki, kuma ba ya iya cike ramukan allura a layin ɗinki, inda ruwa ya fi shiga. Kaki mai haɗin mai kuwa yana shiga saman fatar ya zauna, yana toshe ɗinki, yana kuma ciyar da fata.

Duk da haka masu feshi suna da gaskiya a wurare biyu, kuma adalci ya sa a faɗe su. Na farko shi ne fata mai lallausan gashi, wato suwed da nubak. Kaki yana kwantar da gashin, ya duhunta launi, ya bar shi da santsi, kuma da wuya ya koma yadda yake. Na biyu shi ne takalmi mai tantani a ciki, irin na Gore-Tex, wanda ya samo asali daga abin da Bob Gore ya gano a 1969 lokacin da ya fizgi zazzafan robar PTFE ta miƙe ta zama mai biliyoyin ƙananan kafofi. A irin wannan takalmi tantanin ne yake tare ruwa. Aikin fatar waje shi ne kada ta jiƙe, domin tururin da ya ratsa tantanin ya sami hanyar wucewa. Kaki mai nauyi a nan ba ya ƙara kariyar da babu ita, sai dai ya rage abin da aka biya kuɗi dominsa, kuma kamfanin da kansa yana ba da shawarar a guji kaki da maiƙo a yi amfani da shafi mai tushen ruwa. Kuskuren shi ne ɗaukar wannan shawara, wadda aka yi domin takalmi mai tantani, a shimfiɗa ta a kan kowane takalmin fata.

Misali zai fayyace. Injiniyar hanya tana da but na fata mai santsi, ɗinkakke da tafinsa, ba tantani a ciki, tana kuma aiki a kan gada a farkon damina. Gwajin farko shi ne ɗigon ruwa a kan goshin takalmin. Idan ya tsaya a dunƙule, ba a bukatar komai tukuna. Idan cikin minti ɗaya ya baje ya bar duhun tabo, fatar tana sha, lokacin shafi ya yi. Sai ta zare igiya, ta goge laka da buroshi da ɗanyen tsumma, ta bar shi ya bushe a inuwa yini guda, domin kaki a kan datti ko danshi kulle su yake yi a ciki. Daga nan ta ajiye shi a rana na 'yan mintoci har fatar ta yi ɗumi a hannu. Kakin zuma zalla ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 62, shi ya sa ake sayar da shi a haɗe da mai, kuma ɗumin fata da na yatsu ya ishe shi shiga. Kusantar da takalmi ga garwashi ko risho yana ƙone fata ya saki gam. Abin da ya kai ƙwayar gyaɗa biyu ya ishi ƙafa ɗaya. A murza shi da yatsa, a fi mai da hankali ga layin ɗinki, da mahaɗar fata da tafi, da gindin harshen takalmi. A bar shi ya kwana, da safe a goge rarar da buroshi.

Rarar nan ita ce asalin mummunan sunan da kaki ya yi. Wanda ya lafta shi kamar yaɓe, ya maimaita kowane mako, zai sami takalmi mai danƙo a hannu, ƙura tana manne masa, farin busasshen kaki yana taruwa a naɗin fata. Wannan takalmin lalle ya toshe. Maganinsa gogewa da ɗumi da haƙuri, ba komawa ga gwangwani ba. Shafi siriri sau biyu ko uku a damina, da ɗaya a farkon hunturu, ya wadatar ga mai aikin fili. Man kaɗanya yana tausasa fata amma bai kai kaki tare ruwa ba, kuma yawansa yana sa takalmi ya saki jiki ya daina riƙe idon sawu.

Idan kuwa takalmin injiniyar na nubak ne ko mai tantani, to feshi ne daidai: daga nisan kamar taki ɗaya, shafi biyu marasa nauyi, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. A yi shi a fili, domin shaƙar hazon irin wannan feshi a rufaffen ɗaki ya sha kwantar da mutane a asibiti da ciwon huhu. Akwai kuma rukuni na uku da ya cika kasuwa: takalman kariya masu araha da aka yi da ɓararriyar fata aka lulluɓe ta da roba. Ana gane su da cewa ruwa ba ya shiga samansu ko sun tsufa, kuma suna ɓarewa maimakon tsagewa. Waɗannan kaki ba ya shiga jikinsu, feshi ma ɓarnar kuɗi ce, sai dai a bi layin ɗinki kawai.

Wanda ƙafarsa take jiƙewa da gumi ya duba inda giram 80 ɗin nan suke zuwa. Safar auduga tana riƙe ruwa a jikin ƙafa, ta ulu ko ta zaren roba mai janye danshi tana ɗauke shi. Takalmin da aka sa jiya bai gama sakin abin da ya sha ba, don haka mai takalmi biyu da yake musanya su, yana zare shimfiɗar ciki da dare, ya fi mai takalmi ɗaya busasshiyar ƙafa ko da me aka shafa. A nan ne ake cin nasara ko a faɗi a kan gumi. Fata mai santsi marar tantani, wadda za ta taka laka da jiƙaƙƙiyar ciyawa, haƙƙinta kaki ne, kuma hana ta shi da sunan numfashi jahilci ne da aka yi wa ado da kalmar kimiyya.